A bar wa Sunjata kirarinsa

Wani abokina da ke koyar da adabi a sakandare ya nuna mini taƙaitaccen labarin Sunjata da ya shirya wa ɗalibansa. Daga fassarar waƙar ya ɗauko shi, sai dai ya bi da jan biro ya soke duk inda mawaƙin ya dakata da labari ya shiga kirari, ya kuma soke duk ɗangon da ya sake dawowa. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Malam, ai wannan duk ciko ne. Maroƙi ne yake jan lokaci kafin ya tuno abin da ke gaba. Yara labari suke so."

Maganar ta tsaya mini a rai, don ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, kuma ba jahilci ya sa ya faɗa ba. Akwai manyan masana da suka faɗi kusa da haka. Amma ni ban yarda ba. A waƙoƙin jarumai na baka, labari yana gaya maka abin da jarumi ya yi ne, kirari kuwa shi ke gaya maka ko shi wane ne, da yadda mutanensa suke kallonsa. A waƙar Sunjata waɗannan biyun ba ma tafiya ɗaya suke yi ba. Wanda ya karanta labarin tsura zai ga yaron kirki da aka zalunta, Allah ya saka masa. Wanda ya ji kirarin zai ga wani mutum da ake tsoro kamar yadda ake so.

Ga wanda bai san labarin ba, ga shi a gurguje. Sunjata shi ne ya kafa daular Mali a ƙarni na 13. Uwarsa Sogolon mace ce mai doro, da ba a yaba kyanta, wadda wasu maharba biyu suka kawo wa sarki Magan Kon Fata bayan sun kashe wata ɓauna da ta addabi ƙasar Do. Yaron ya daɗe bai taka ba, wasu mawaƙa su ce shekara bakwai, wasu su ce tara. Kishiyar uwarsa, Sasuma Berete, ta sa ɗanta Dankaran Tuman ya hau gado, Sogolon da 'ya'yanta suka yi gudun hijira har Mema. Bayan haka sarkin Soso, Sumanguru Kante, ya mamaye Manden, ƙasar su Sunjata, aka aika aka nemo Sunjata, ya dawo ya karya shi a yaƙin Kirina, wajen shekarar 1235. Mawaƙan gado da ake kira jeli su ne suke rera wannan har yau a Mali da Gini da Gambiya da Senegal, da kiɗan kora ko ngoni ko bala.

Sunan da ke ɗauke da uwa

Mu fara da sunan da kowa ya sani. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne Sunjata gajarta ce ta Sogolon Jata, wato Zakin Sogolon. Ɗan sarki ne, ubansa yana da suna da dangi da gadon sarauta, amma sunan da ya bi shi shekara kusan ɗari takwas na uwarsa ne, matar nan da aka yi wa dariya a gidan miji.

Duba yadda mawaƙi yake aiki da wannan. Tun yaron yana jan gindi a ƙofar ɗakin uwarsa ake kiransa ɗan Sogolon. A bakin Sasuma da matan gida wannan gori ne: ɗan mai doro, me ake jira ya zama? Ran nan Sogolon ta rasa kukar miya, ta je wajen kishiya roƙo, aka ce mata ai ke ma kina da ɗa, ki aike shi ya ciro miki. Duk macen da ta zauna da kishiya ta san inda wannan magana take suka. Ta koma ɗaki tana kuka, ta huce a kan yaron. Shi kuma ya ce a kawo masa sandar ƙarfe daga maƙera. Ya dogara ya miƙe, ƙarfen ya lanƙwashe, ya tafi ya tumɓuko bishiyar kukar gaba ɗaya ya dire ta a ƙofar ɗakin uwarsa, ya ce daga yau a nan mata za su riƙa zuwa neman ganye.

A daidai nan mawaƙi yake ɗaga murya ya kira sunan nan dai da aka yi ta kira tun farko. Kalma ɗaya ba ta canza ba. Amma mai sauraro da ya ji sunan ana gori da shi, yanzu yana jin sa ana kirari da shi, kuma daɗin wurin duk yana cikin wannan juyin. In da an bar sunan sai a wurin nasara kawai aka fito da shi, da ba shi da nauyin komai. Maimaicin da aka yi a baya shi ya tara masa nauyi. Abokina ya soke na baya duka, ya bar na ƙarshe shi kaɗai, ya zama suna kawai.

Sannan sunan yana ɗauke da wata fahimta ta mutanen Manden, wadda mu ma ba baƙuwa ba ce gare mu: cewa albarkar ɗa daga haƙurin uwarsa take fitowa, abin da ta shanye a gidan aure shi ke zama ƙarfin ɗanta. Suna da kalmomi biyu da suke auna zama da su. Badenya ita ce zumuncin 'yan ɗaki ɗaya, ƙauna da rufin asiri. Fadenya ita ce 'yan ubanci, gasar da ke tsakanin 'ya'yan kishiyoyi, wadda ke ingiza mutum ya fita ya yi suna. Duk lokacin da aka ce ɗan Sogolon, an tuna wa mai sauraro ɗakin da ya fito da ɗakin da yake gaba da shi. Kalma biyu sun yi aikin da marubuci zai cika shafi yana yi.

Wannan yabo ne?

Yanzu ga kirarin da ya fi sa ni ƙin yarda da jan biron nan. A waƙar da aka ɗauka daga bakin Fa-Digi Sisoko a garin Kita na ƙasar Mali a 1968, wadda ta haura ɗango dubu uku, akwai jerin kirari da yake ta dawowa a kan Sunjata. Ma'anarsa da Hausa kusan haka take:

Maye mai kama mayu.
Kututture a duhun dare,
Ka ture shi, ya ture ka.
Karen gadin rumbu,
Bai san baƙo ba, bai san na gida ba,
Wanda ya tarar, cizo.

A tsaya a dubi wannan da kyau. Babu adalci a ciki, babu tausayi, babu kyauta. An kira shi maye, an kira shi kare, an ce ba ya bambance nasa da bare. Wa zai so a faɗi haka a kan surukinsa? Amma wannan shi ne abin da ake rera wa uban daula, a gaban jikokinsa, su kuma suna miƙewa suna ɗaga hannu.

Abin da kirarin yake faɗi shi ne, jarumi ba mutumin zaman lafiya ba ne. Kututturen da ke cikin duhu ba ya bin kowa, yana nan inda yake, kai ne za ka zo ka yi tuntuɓe. Karen yana gadin abincin gida ne, amfaninsa a fili yake, amma ranar da ɗan gida ya zo ba a kan ƙa'ida ba shi ma zai sha haƙori. Mutanen Manden suna da karin magana da ke cewa ba a son jarumi sai ranar tashin hankali. Sun kore shi lokacin da ake zaune lafiya, suka je har Mema suna nemansa da Sumanguru ya shigo. Kirarin yana riƙe da duka biyun, buƙatarsa da tsoronsa.

Kuma labarin kansa yana gaskata kirarin, in mutum ya san inda zai duba. Da Sogolon ta rasu a Mema, Sunjata ya nemi wurin da zai binne ta, sarkin garin ya ce sai ya biya kuɗin ƙasar. Sai ya aika masa da tsingaro da gashin zabi da na makwarwa da guntayen ciyawa. Sarki ya ɗauka raini ne, sai wani dattijo a fada ya warware masa: yaron nan cewa yake in ba a ba shi ƙasa ba, zai mai da garin nan kufai, tukwane su zama tsingaro, zabi su riƙa wanka da ƙura a inda fada take. Nan take aka ba shi. Wannan fa sarkin da ya ba su masauki ne shekara da shekaru. Mai karanta labari tsura zai iya ɗauka wayo ne na maraya mai son uwarsa. Wanda ya riga ya sha jin "bai san baƙo ba, bai san na gida ba" ba zai yi mamaki ba, zai ce ga shi nan, karen rumbu ya nuna haƙori.

Haka nan sunan Simbon, laƙabin gwanin maharba, da ake yawan liƙa masa. A wajen mutanen nan maharbi ba mai neman nama kawai ba ne. Mutum ne da ke shiga daji inda ba dokar gari, ya san asiri, ya san yadda ake kare kai daga abin da ke fita daga dabbar da aka kashe. In aka kira sarki da sunan maharbi an nuna daga ina ƙarfinsa ya fito. Shi ya sa yaƙin Kirina bai ƙare da yawan dakaru ba. Sai da 'yar'uwarsa ta sato sirrin Sumanguru, aka gano ƙarfe ba ya cinsa sai ƙayar ƙafar farin zakara, aka ɗaura ta a kan kibiya. Maye ne ya kama maye, kamar yadda aka yi ta faɗa tun yana rarrafe.

Batun ciko

Hujjar abokina tana da tushe, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. Wani masani Ba'amurke, Milman Parry, ya lura cewa a waƙoƙin Girka na dā da ake jingina wa Homer, kowane jarumi yana da laƙabin da ke manne da shi. Akilis mai saurin ƙafa ne, Odisiyus mai yawan dabara, Hekto mai horar da dawaki. Ana kiran Akilis mai saurin ƙafa ko yana tsaye a taro yana magana, ko yana zaune a tantinsa yana fushi. Parry ya nuna cewa awon ɗango ne yake zaɓen laƙabin: in sauran gurbin da ya rage a ɗango gajere ne akwai laƙabin da ya dace da shi, in dogo ne akwai wani, kuma da wuya ka sami biyu masu awo ɗaya suna aiki ɗaya.

Don ya gwada, shi da ɗalibinsa Albert Lord suka tafi tsohuwar Yugoslabiya tsakanin 1933 da 1935, suka ɗauki muryoyin mawaƙan da ba su yi karatu ba, masu rera labaran yaƙi da wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya kamar kukuma. Ɗaya daga cikinsu, Avdo Mejedovic, ya rera waƙa ɗaya mai ɗango fiye da dubu goma sha biyu. Sun gano ba hadda yake yi kalma da kalma ba. Yana ƙera waƙar ne a lokacin da yake rera ta, kowane ɗango gaɓa goma, da tarin jimlolin da ya gada: yadda ake ɗaura sirdi, yadda ake rubuta wasiƙa, yadda ake tara runduna. Ba don waɗannan ba, ba mahaluƙin da zai iya wannan gudu.

To, na yarda. Shiryayyun jimloli suna taimakon mawaƙi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tunda suna taimakonsa, to ba sa faɗin komai. Ginshiƙin da ke riƙe da rufin soro shi ne kuma magini yake yi wa zane, ba wanda ya ce don yana ɗauke da nauyi ba ado ba ne. A cikin duk abin da za a iya liƙa wa Akilis, me ya sa gudu? Mai sauraro ya sha jin mai saurin ƙafa alhali mutumin yana zaune ya ƙi fita yaƙi, 'yan'uwansa suna mutuwa. Laƙabin yana ta tuna masa abin da ake asara. Sai can kusa da ƙarshe ya tashi ya kori Hekto, suka zagaye ganuwar birnin Taroi sau uku a guje, laƙabin ya cika. Ita kuma waƙar Iliyad, mai ɗauke da wannan labari, gaba ɗaya da laƙabin Hekto ta rufe, mai horar da dawaki, a wurin jana'izarsa, aikin zaman lafiya na mutumin da yaƙi ya ci.

Ban da haka, a waƙar Manden hujjar awo ba ta da ƙarfin da take da shi a Girka. Ɗangon jeli ba a ƙidaya masa gaɓa, kiɗa yake bi da numfashi. Masu nazari sun rarrabe hawa uku a rerawarsa: akwai muryar ba da labari, akwai waƙa sosai mai amshi, akwai kuma kirari da karin magana, wanda ake zubo shi da sauri da ƙarfi, murya a sama. Wanda yake neman hutu ba ya zaɓen wurin da ya fi cin numfashi. Kuma kirarin ba ko'ina yake faɗowa ba. Yana zuwa a gaɓoɓin labari, wurin haihuwa, wurin miƙewa, wurin fita hijira, wurin haye kogi a dawo gida. Mai sauraro ba shi da shafin da zai koma baya ya duba, ba shi da babi da lamba. Kirari ne yake gaya masa an rufe wannan, ga wani zai buɗe. A gefen mawaƙin kuma akwai mai amsa masa, yana cewa naamu bayan kusan kowane ɗango, wani lokaci ya ce gaskiya ne. Mu da muka tashi da 'yan amshi da 'yan ma'abba mun san waƙa ba aikin mutum ɗaya ba ce.

Ciko yana nan, ba na musu. Ana gane shi. Mawaƙin da bai ƙware ba zai jero kirari a inda ba abin da ya faru, ya sake jero shi bayan ɗango kaɗan, mai amsawa ya yi sanyi, mutane su fara hira. Gwani yana riƙe kirarin har sai labari ya kai inda zuciya ta cika, sannan ya sake shi. Amma wannan bambanci ne tsakanin mawaƙi da mawaƙi. Maganinsa a nemi waƙar gwani, ba a bi ta gwanin da jan biro ba.

"Ai roƙo ne, kuɗi ake nema"

Wannan ita ce hujjar da na fi ji a wajen mutanenmu, don mun ga yadda kirari ya zama a wajen biki da taron siyasa, inda ake kiran wanda bai taɓa korar akuya ba da sunan zaki. Gaskiya ne jeli yana karɓar kyauta, kuma gaskiya ne yana duban waɗanda ke zaune. In akwai ɗan dangin Tarawore a wurin zai faɗaɗa labarin Tiramagan, sarkin yaƙin da ya ci ƙasar Jolof. In akwai Kuyate zai ja labarin Bala Faseke, mawaƙin Sunjata. Kowane dangi yana da taken kakansa, kuma in aka taɓo shi jikan yakan miƙe ya yi kyauta.

Sai dai a lura da abin da ake sayarwa. Ba a ƙirƙira wa mai kuɗi sabon kirari a waƙar Sunjata. Na kakansa ake ɗora masa, ko ya yi masa daidai ko ya yi masa yawa. Ibn Battuta, da ya zauna a Mali a 1352 zuwa 1353 zamanin Mansa Sulaiman, ya ga mawaƙan fada ranar idi sun sa rigunan gashin tsuntsu sun tsaya gaban sarki. Aka fassara masa abin da suke cewa: wannan gado da kake kai, wane ya zauna a kansa ya yi kaza, wane ma ya yi kaza, kai ma ka yi abin da za a tuna ka da shi. Shi kansa ya ce an gaya masa wani irin wa'azi ne. Kirarin kaka bashi ne ake karanta wa jika a bainar jama'a.

Sannan in fadanci ne zalla, me ya kai kirari ga abokin gaba? Sumanguru yana da nasa, kuma ba ƙarami ba. Ana jero garuruwansa, Kukuba da Bantamba da Nyani-nyani da Kamasiga. Ana cewa ya shigo Manden da wandon fatar mutum, da rigar fatar mutum, da hular fatar mutum. Ana kiransa sarkin farko, sarkin asali. Mawaƙin da ya zo yabon Sunjata yana tsayawa ya ba wanda Sunjata ya kayar girmansa cikakke, kuma dangin Kante da maƙera suna jin wannan a matsayin nasu, ba zagi ba. Dalili a fili yake: ba a auna jarumi sai da abin da ya kayar. Akwai kuma wani abu da ya fi wannan. Ka jera kirarin mutanen biyu, za ka ga kusan harshe ɗaya ne, asiri da cizo da ban tsoro. Labari ya raba su, wannan mai ceto wancan azzalumi. Kirari bai raba su sosai ba, kuma ina ganin da gangan ne. Mutanen da suka zauna ƙarƙashin sarakuna sun san irin ƙarfe ɗaya ake ƙera su da shi.

Ko Fakoli, ɗan 'yar'uwar Sumanguru da ya koma bayan Sunjata saboda kawun nasa ya ƙwace masa mata, da me ake masa kirari? Fakoli mai babban kai, Fakoli mai babban baki. Siffar da za a yi wa yaro tsiya da ita a dandali ita ce take tasa, kamar yadda doron Sogolon bai ɓace daga sunanta ba. Mai fadanci ɓoye aibi yake yi. Nan kuwa an ɗauki aibin an kafa shi a gaba, don a wajensu abin da ya fita daban a jiki alama ce ta abin da ya fita daban a ciki.

Kirari da tarihi

Akwai masu kare kirari ta wata hanya da ni ma ba na bi, masu cewa duk abin da ke ciki tarihi ne tsantsa da aka adana. A yi hattara. Abin da za a iya cewa shi ne kirari ya fi labari jimirin zama yadda yake. Ka saurari mawaƙin Kita da na Gambiya da na Gini, za ka ji sun saɓa a shekarun rarrafe, da garuruwan da aka bi a hijira, da yadda Sumanguru ya ƙare. Amma Jata yana nan, Simbon yana nan, sunansa na Nare Magan Konate yana nan. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya rubuta sunan sarkin da ya karya Soso a matsayin Mari Jata, ya ce Jata zaki ne. Bakin mawaƙa ya riƙe sunan tun daga wancan lokaci ba tare da takarda ba.

Dalilin jimirin shi ne ba a taɓa kirari. Mawaƙi yana da 'yancin ya tsawaita labari ko ya gajarta, amma in ya canza taken dangi, masu shi suna zaune a wurin. Shi ya sa har akwai ɗangogin da baƙo ba zai kama kansu ba ko an fassara masa su. A Gambiya ana rera cewa kyanwoyi a kafaɗa, Simbon da Jata suna Narena. Narena gari ne a Mali, nesa da inda ake rera waƙar, amma ɗangon ya yi tafiyar da sunan garin a cikinsa. Mu ma haka muke cewa Kano ta Dabo tumbin giwa, ko Amina 'yar Bakwa ta san rana, mutane da yawa suna faɗa ba tare da sun taɓa bin asalin kowace kalma ba.

Iyakar abin ke nan. Kirari yana iya riƙe suna da wuri da dangantaka, ba ya riƙe shekara, ba ya gaya maka abin da ya riga wani. Kuma suna yana iya daɗewa alhali bayanin da ake ba shi sabo ne. Sunan Sunjata kansa, ban da Zakin Sogolon, akwai mawaƙan da ke fassara shi da zaki ɓarawo, su kawo labarin yadda yake ɗauke kayan mutane yana yaro. Wataƙila labarin ne ya haifi fassarar, wataƙila fassarar ce ta haifi labarin. Mai neman tarihi sai ya haɗa da wasu shaidu. Mai neman sanin yadda mutanen Manden suke kallon sarkinsu kuwa ya sami abin da yake nema, tunda sun iya kiransa ɓarawo a cikin waƙar yabonsa.

Littafin da ya fi yaɗa labarin a duniya, wanda Djibril Tamsir Niane ya fitar da Faransanci a 1960 daga bakin Mamadu Kuyate, a zube aka rubuta shi, ba a waƙe ba. Ya yi babban aiki, ta hanyarsa yawancinmu muka san Sunjata. Amma zube ba ya ɗaukar kirari mai dawowa, don haka kaɗan ne ya tsira a ciki, kuma Sunjatan da ya fito ya fi na bakin jeli laushi da tsabta. Taƙaitawar da ake yi wa ɗalibai daga nan take ƙara wanke shi. A garin Kangaba kuwa, inda ake sake rufin Kamabolon, wani ɗakin gargajiya mai alfarma, duk shekara bakwai, 'yan gidan Jabate na ƙauyen Kela ne suke zuwa su rera waƙar da dare, da asalin dangogi da takensu, a gaban mutanen da sunayen nan nasu ne.